Kashi uku sama, kashi uku ƙasa: abin da ƙaramin rubutun da ke ƙasan hoton ke nufi

Da zarar zaɓe ya ƙarato, wayoyi kan cika da hotunan sakamakon ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a. Wani ya ɗauki hoton allon talabijin, wani na shafin jarida, sai a yi ta turawa a WhatsApp har hoton ya dusashe. Manyan lambobi ne ke ɗaukar ido: wane yana da kashi 46, wane yana da kashi 42. Can ƙasa kuwa, idan mai ɗaukar hoton bai yanke shi ba, akwai wani ɗan siririn rubutu kamar haka: `Margin of error ±3%`. Wannan ita ce tazarar kuskure. Wasu suna ɗaukar ta a matsayin tabbacin cewa sakamakon ba zai kauce wa gaskiya da fiye da maki uku ba, wasu kuma suna ganin shaida ce cewa masu binciken ma ba su yarda da aikinsu ba. Dukansu sun ɗora mata kayan da ba nata ba.

Masu irin wannan bincike ba sa tambayar kowa da kowa. Mutum dubu ɗaya ko dubu biyu suke zaɓa, kuma ƙa'idar ita ce zaɓin ya zama na kan mai uwa da wabi, ta yadda kowane baligi a ƙasar yana da damar faɗowa ciki. Idan aka zaɓi mutum dubu yau aka tambaye su, gobe aka zaɓi wasu dubun daban, amsoshin ba za su zo daidai wa daida ba. A rukunin farko ana iya dacewa da magoya bayan ɗan takara kaza su ɗan yi yawa, a na biyu su ɗan yi kaɗan. Wannan ɗan bambanci da ke zuwa daga sa'ar wanda ya faɗo cikin zaɓin, shi kaɗai tazarar kuskure take aunawa.

Lissafinta ma ba wani abin tsoro ba ne, ana iya kimanta shi da waya. A nemo lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da adadin mutanen da aka tambaya, sai a raba 100 da ita. Ƙungiyar Afrobarometer, wadda ke bin gida gida tana tambayar mutane a ƙasashen Afirka da dama, takan tambayi mutum 1,600 a Nijeriya. To 40 sau 40 shi ne 1,600, idan kuma aka raba 100 da 40 za a samu 2.5, wanda shi ne tazarar da ƙungiyar take bayyanawa. Mutum 1,000 suna ba da maki 3 da ɗan kai, mutum 400 maki 5, mutum 100 kuwa maki 10. Kafin a rage tazarar zuwa rabi sai an ninka yawan mutanen sau huɗu, shi ya sa yawancin kamfanoni ke tsayawa a wajen dubu ɗaya zuwa biyu, domin abin da ake samu bayan nan bai kai kuɗin da ake kashewa ba.

A lura cewa yawan al'ummar ƙasa bai shiga wannan lissafi ba. Mutum dubu da aka zaɓa bisa ƙa'ida suna ba da kusan tazara ɗaya, ko a Nijar ne ko a Nijeriya da ta ninka ta yawan jama'a sau da dama. Mutane da yawa suna jin wannan bambaraƙwai, amma ɗan kasuwar Dawanau ya san sirrin. Ba ya zazzage buhun masara duka kafin ya san ingancinsa. Yakan soka ƙarfe mai rami a sama da tsakiya da ƙasa ya duba abin da ya fito, kuma ƙaton buhu ba ya bukatar fiye da hakan. Abin da yake tsoro shi ne algus, wato a zuba mai kyau a baki a ɓoye ruɓaɓɓiya a ciki. Wanda ya tsaya a bakin buhu, ko mudu goma ya ɗiba, bai san abin da ke ƙasa ba.

Yanzu mu ɗauki hoton nan na misali mu bi shi daki-daki. An tambayi mutum 1,000, ɗan takara na farko ya samu kashi 46, na biyu kashi 42, tazara maki 3. Ma'anarsa, goyon bayan na farko a cikin jama'ar da aka ɗebo mutanen daga cikinta yana iya kasancewa tsakanin 43 da 49, na biyu kuma tsakanin 39 da 45. Ko wannan ma ba alkawari ba ne. Yawanci ana lissafa tazarar ne a kan abin da ake kira tabbacin kashi 95 cikin 100: da za a maimaita binciken sau ashirin ta hanya ɗaya, ana sa ran kimanin sau goma sha tara gaskiyar za ta faɗo cikin iyakokin da aka zana, sau ɗaya kuma ta fita waje ba tare da kowa ya yi laifi ba. Babu wata alama a jikin hoton da za ta gaya maka ko naka shi ne na ashirin ɗin.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne batun rata. Mai karatu zai ce ratar maki 4 ce, tazarar kuwa 3, ashe na farko ya wuce. Ba haka lissafin yake ba. Maki ukun nan na kowane ɗan takara ne shi kaɗai. Idan sa'a ta sa magoya bayan na farko suka yi yawa a cikin waɗanda aka tambaya, to galibi na ɗayan sun ragu ke nan, don haka kuskuren yana cin ratar ta fuska biyu. Tazarar da ke kan rata takan kusa ninka ta ɗan takara guda, a nan kusan maki 6. Ratar gaskiya tana iya kaiwa 10, tana kuma iya juyewa na biyu ya zama shi ne gaba da maki 2. Duk da haka ba daidai ba ne a ce sun yi kunnen doki, domin har yanzu ya fi yiwuwa na farko ne ke gaba. Abin da hoton bai isa ya yi ba shi ne ya tabbatar da hakan. Haka nan idan ɗan takara ya tashi daga 44 a watan jiya zuwa 46 a wannan wata, kanun labarin da ke cewa tauraruwarsa na haskawa bai da madogara.

Wani abin da ya fi shafar mu shi ne hoton da aka yanko daga shafin yankuna. Tazarar maki 3 ta mutum dubun ce gaba ɗayansu. A rajistar zaɓen 2023, masu zaɓe a Nijeriya sun haura miliyan 93, Arewa maso Yamma tana da sama da miliyan 22, jihar Kano kuma kusan miliyan 6. Idan aka raba mutum dubu bisa wannan kaso, yankin zai samu kimanin 240, tazararsu ta haura maki 6. Kano za ta samu mutum sittin da 'yan kai, tazararsu ta wuce maki 12. Saboda haka idan ka ga hoto yana cewa kashi 55 na Kanawa suna tare da wane, an kuma manna masa maki 3 na ƙasa baki ɗaya, to a gaskiya lambar tana yawo ne tsakanin wajen 43 da 67.

Duk wannan magana ce a kan binciken da aka yi shi yadda ya kamata. Babbar matsalar tana cikin abubuwan da tazarar ba ta taɓawa ko kaɗan. A watan Satumba na 2022, gidauniyar ANAP ta fitar da sakamakon binciken da NOIPolls ya yi mata ta waya: Peter Obi kashi 21, Bola Tinubu da Atiku Abubakar kashi 13 kowanne, Rabi'u Musa Kwankwaso kashi 3. Waɗannan lambobi ne suka zagaya wayoyi. Amma a sakamakon dai, kashi 32 sun ce ba su yanke shawara ba, kashi 15 kuma sun ƙi faɗin wanda za su zaɓa. Kusan rabin waɗanda aka tambaya ke nan, kuma tazarar kuskure ba ta da ta cewa game da inda za su karkata. A sakamakon da hukumar zaɓe ta bayyana bayan zaɓen 25 ga Fabrairu 2023, Tinubu ya samu kusan kashi 37, Atiku 29, Obi 25, Kwankwaso 6, kuma waɗanda suka fita zaɓen ba su kai kashi 30 na masu rajista ba. Wannan bai nuna cewa an ƙirƙiri lambobin Satumba ba. Ra'ayin wata biyar kafin zaɓe ne, na mutanen da suka ɗaga waya suka yarda su yi magana, ba na waɗanda suka tsaya layi ranar zaɓe ba.

Nan ne ya kamata a tsaya a yi tambaya, wace al'umma ake nufi? Idan ta waya aka kira, matar da ke ƙauye wadda wayar gidan tana aljihun maigida ba ta da damar faɗowa ciki. Wanda yake inda babu sabis, ko wanda yake kashe kira da ya ji baƙuwar murya tana tambayar siyasa, shi ma ya fita. Idan waɗannan mutane ra'ayinsu ya bambanta da na masu amsawa, sakamakon zai karkata, kuma ƙara yawan kira ba ya gyara shi. Masu bincike na ƙwarai sukan daidaita alƙalumansu, su ƙara wa rukunin da ya yi ƙaranci nauyi, amma wannan gyaran kansa yana faɗaɗa tazarar fiye da yadda lissafin nan mai sauƙi ya nuna. Yadda aka tsara tambaya da harshen da aka yi ta da shi su ma suna juya amsa, kuma babu ɗayansu a cikin maki ukun.

Amurkawa sun ga wannan tun 1936. Mujallar Literary Digest ta aika takardun tambaya kimanin miliyan 10, sama da miliyan 2 suka dawo, ta yi hasashen Alf Landon zai samu kashi 57. Franklin Roosevelt ne ya ci da kusan kashi 61. Da za a lissafa wa mujallar tazarar kuskure, ko kashi ɗaya bisa goma na maki ba za ta kai ba. Sai dai ta samo sunaye da yawa daga kundin masu tarho da masu mota a lokacin matsin tattalin arziki, kuma masu adawa da Roosevelt sun fi zumuɗin mayar da amsa. Ƙuri'un da ake buɗewa a Facebook ko X, inda duk wanda ya ga dama yake dannawa, irin wannan ciwo ne da su. A ganina duk wanda ya rubuta tazarar kuskure a ƙasan irinsu ya yaudari mai karatu, domin lissafin ya dogara ne kacokan a kan zaɓin da ba mai amsa ne ya kawo kansa ba.

Hoto kuma yana ƙara nasa lahanin, domin abin da ya fi saurin yankewa shi ne gefen da ke ɗauke da sunan wanda ya yi binciken, wanda ya biya kuɗinsa, ranakun da aka yi shi, yawan mutanen da aka tambaya da hanyar da aka same su. Akwai gwaji ɗaya da za ka iya yi nan take: tara kason da ke jikin hoton. Idan jimlar 'yan takara ta tsaya a 50, kamar ta Satumban 2022, to kusan rabin labarin yana wajen hoton. Idan kuma yawan mutanen ya fito, yi lissafin nan da kanka. Hoton da ya ce an tambayi mutum 400 amma tazararsa maki 2 ce, ko dai an haɗa lambobin shafuka biyu daban, ko wani ya taɓa shi, sai a nemi cikakken rahoton a shafin waɗanda aka ce su suka yi binciken kafin a tura wa wani.