Jawabin Minti Uku: Ba Inna Ce Ta Sha Ƙafar Ba

Ranar 3 ga Disamba ta kowace shekara ita ce ranar masu buƙata ta musamman ta duniya. Sau da yawa idan aka ba ɗalibi jawabi a taron safe, sai ya ƙare da "mu riƙa tausaya musu", a tafa, a watse, kowa ya koma aji da tunanin da ya zo da shi. Shi ya sa muka shirya wannan gajeren jawabi domin ɗaliban Gyadi-Gyadi da Tarauni. Camfi guda muka ɗauka, da aiki guda. Ga shi:

Assalamu alaikum. Shugaban makaranta, malamanmu, 'yan uwana ɗalibai, barkanmu da safiya.

Duk wanda ya biyo titin Zariya ko Kotu Rod ya taɓa ganin mutum a kan keken guragu yana murza feda da hannu. Da yawansu cutar shan inna ce ta same su tun suna ƙanana. Mu saurari sunan da kyau. Mutanen da sun ɗauka wata aljana ce mai suna Inna take shanye ƙafar yaro. Sunan ya zauna, amma labarin ba haka yake ba.

Ƙwayar cuta ce mai suna foliyo. Tana fita ta bayan gida, ta shiga bakin wani yaro ta gurɓataccen ruwa ko abinci ko hannun da ba a wanke ba, kuma ta fi kama 'yan ƙasa da shekara 5. Cikin yara 200 da ta shiga jikinsu, kusan ɗaya ne take bari da shanyewar da ba ta warkewa, domin ta lalata jijiyoyin laka masu ba tsoka umarnin motsi. Ba ta taɓa basira. Kuma wanda ta shanye wa ƙafa shekaru da suka wuce ba zai shafa wa kowa ba, ko da kwano ɗaya muke ci.

Camfi da jita-jita sun taɓa yi mana tsada. A 2003 aka dakatar da riga-kafin foliyo a Kano saboda zargin an gurɓata maganin, sai a 2004 aka ci gaba. A tsakanin nan cutar ta bazu har ƙasashen waje. Sai ranar 25 ga Agusta, 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar. Har yanzu ana ɗigon riga-kafi, domin akwai wani nau'inta da bai ƙare ba. Wanda ta riga ta taɓa kuwa, gashin ƙashi irin wanda ake yi a Asibitin Malam Aminu Kano, nan kusa da mu, da sandar dogarawa da keke suna sauƙaƙa masa zirga-zirga.

Saura maganar tausayi. Tausayi ba laifi ba ne, amma idan ya tsaya a "Allah sarki" da miƙa naira hamsin, mun mayar da ɗan uwanmu mabaraci ko da bai roƙe mu ba. A Kanon nan, ƙungiyar waɗanda foliyo ta shafa, ƙarƙashin Aminu Ahmad Tudun Wada, ta yi suna wajen ƙera kekunan guragu da hannun 'ya'yanta. Mai walda ciniki yake nema, ba sadaka ba. Haka kuma a Janairun 2019 aka sa hannu a dokar da ta haramta nuna wa masu nakasa wariya a Najeriya, ta kuma wajabta gyara gine-ginen jama'a yadda za su iya shiga. Ke nan haƙƙi ne, ba alfarma ba.

To, ga aikinmu. Yau da tara mu ɗauki rula mu auna dakalin ƙofar ajinmu. Ƙa'idar da magina suka fi bi ita ce, kowace santimita 1 ta tudu tana buƙatar santimita 12 ta gangare. Idan dakalin ya kai santimita 15, gangaren zai zama santimita 180, wato ya kusa mita biyu. Idan aka gajarta shi, sai ya yi tsaye, mai keke ya kasa hawa shi kaɗai, ko keken ya kife da shi ta baya. Mu rubuta awon kowane aji, da na banɗaki da masallaci, mu miƙa wa shugaban makaranta. Sannan kafin mu tura keken wani, mu tambaye shi tukuna. Idan ya ce a'a, mu bar shi. Na gode.

Shawararmu ga wanda zai karanta: ka gwada da agogo a gida, kada ka yi sauri a wurin lambobi. Idan akwai ɗalibi mai nakasa a makarantarku, kada ka kira sunansa ko ka nuna shi a bainar jama'a. Ka same shi tun kafin ranar, ka karanta masa, ka ji gyaransa. In kuma ya ce shi zai hau ya yi jawabin, ka miƙa masa takardar.