Shafi Huɗu a Rana: Yadda Mai Nawar Karatu Zai Sauke Muƙaddimar Ibn Khaldun

Wata biyar kacal Ibn Khaldun ya yi yana rubuta Muƙaddima a shekarar 1377, lokacin da ya keɓe kansa a Ƙal'atu Ibn Salama, a ƙasar Aljeriya ta yau. Daga baya ya ci gaba da yi mata gyare-gyare har kusan rasuwarsa a Alƙahira a 1406. Amma littafin da aka zuba cikin wata biyar yakan shekara biyar a kantar wanda ya saye shi, ɗan tsinken da ya sa don alama yana nan maƙale a farko-farko, ƙura ta lulluɓe bango. Mai littafin kuma yakan ɗora laifin a kan nawar karatunsa.

Sau da yawa ba nawar ba ce. Mai saurin karatu ma a wurin yake kakarewa, domin littafin yana da wani kwazazzabo tun kusa da bakin ƙofa. Bayan gabatarwa mai daɗi, babi na farko sai ya faɗa cikin labarin ƙasa: yankunan duniya bakwai, kowane an yanka shi gida goma, ana jero tekuna da duwatsu da garuruwa kamar yadda aka samo daga Idrisi. Bahaushe zai ɗan yi murmushi idan ya ci karo da sunayen Ghana da Takrur da Kanem, amma bayan nan sai sunaye su yi ta zuba babu labari. Wanda ya rantse sai ya gane kowane layi kafin ya wuce, a nan zai ajiye kayansa.

Abin mamaki shi ne marubucin da kansa ya faɗi maganin, sai dai ya ajiye shi can babi na shida, inda yawancin masu karatu ba sa kaiwa. A fasalin da ya yi kan hanyar koyarwa, ya nuna cewa ilimi yana zama ne a hankali, kuma sai an bi ta kansa sau uku. A karon farko ɗalibi ya kama manyan mas'aloli a dunƙule. A na biyu a zurfafa, a kawo saɓani. A na uku ne ake warware duk wani ƙulli da ya rage. Ya kuma yi kashedi da barin dogon rata tsakanin darasi da darasi, saboda mantuwa tana tsinke zaren, sannan ya hana haɗa fanni biyu a lokaci guda. Ma'anar wannan ga mai karatu a fili take: zagayen farko ba na fahimtar komai ba ne. Don haka ya halatta ya ratsa labarin ƙasar nan da sauri cikin kwana biyu ko uku, ya sa alama, ya ce sai na dawo.

Sai batun lissafi, wanda mutane suka fi yin kuskure a kansa. Akasari sukan fara da ranar gamawa, su ce kafin azumi zan sauke, sannan su raba shafuka. Daidai shi ne a fara da agogo. A ɗauki misalin wani malamin firamare da ke riƙe da bugun Larabci mai shafi 600. Ya zauna minti talatin bayan sallar Asuba, ya karanta yadda ya saba, ba gaggawa, sai ya ga shafi huɗu ya ci. To, shafi huɗun nan shi ne mudunsa. Idan ya yi kwana shida a mako, ya samu shafi 24, littafin kuma zai ɗauke shi mako 25. Ya ƙara mako uku na rashin lafiya da biki da tafiya, ya zama mako 28, wato wata shida da 'yan kwanaki. Wanda yake da taƙaitaccen bugun Ingilishi da N. J. Dawood ya fitar a 1967 daga fassarar Franz Rosenthal, wanda bai kai shafi 500 ba, zai riga shi gamawa da kusan wata guda. Cikakkiyar fassarar Rosenthal ta 1958 kuwa juzu'i uku ce, wannan aikin shekara ne ko fiye.

Ranar da aka ji ƙarfi, kada a zarce zuwa shafi goma sha biyar. Washegari ne ake biyan bashin, domin ido ya gaji, kai ya cushe, sai a ce yau hutu, gobe ma hutu. Haka nan idan rana ta kuɓuce, kada a ninka. A ɗora daga inda aka tsaya, ai don haka aka ware mako ukun nan. Kuma tunda an yanka babukan zuwa fasali-fasali, da yawansu shafi ɗaya ne ko biyu, ya fi kyau a tsaya a ƙarshen fasali ko da an rage rabin shafi ko an ƙara, maimakon a katse hujja a tsakiya.

Duk wanda ya taɓa zama a makarantar zaure ya san wannan tsari. Almajiri yakan kawo Risala ko Muhtasar, malam ya biya masa 'yan layuka, ya rufe, sai gobe. Da haka ake sauke littattafan da ko layi ɗaya nasu ba ya haɗiyuwa da sauri. Bambancin kawai shi ne mai karatu shi kaɗai ba shi da malamin da zai ce masa maimaita abin da na biya maka jiya. Littafin rubutunsa ne zai tsaya a wannan matsayi.

A nan ma akwai tarko. Mai nawar karatu, saboda tsoron mantuwa, yakan zama magatakarda: ya kwafe jimla bayan jimla, minti talatin ɗinsa ta ƙare a shafi guda. Wani kuma ya ja layi a ƙarƙashin rabin shafi, ta yadda idan ya dawo ba zai san wanne ne muhimmi ba. Rubutun da ke aiki gajere ne, kuma ana yin sa ne bayan an rufe littafin. Layi uku sun isa: me marubucin ya yi da'awa, wace hujja ya kawo, ni kuma me na gani.

Ga yadda abin zai kasance a gabatarwar littafin. Ibn Khaldun ya kawo ruwayar Mas'udi da wasu masu tarihi cewa mayaƙan Bani Isra'ila a zamanin Annabi Musa sun kai 600,000. Malamin namu ya rufe littafi, ya rubuta a layin farko cewa marubucin bai yarda da adadin ba. A na biyu ya rubuta dalilai: daular Farisa da ta fi su girma nesa ba kusa ba, rundunar da ta tara a Ƙadisiyya 120,000 ce, filin daga ba zai ɗauki wannan taro ba, kuma kakannin da ke tsakanin Annabi Yaƙub da Annabi Musa ba su da yawan da za su haifi wannan adadi. A na uku ya sa nasa: ashe darasin shi ne a auna labari da abin da zai yiwu, ba a tsaya ga wanda ya ruwaito kawai ba. Idan ya rufe littafi ya kasa cika layi na biyu, wannan ita ce shaidar cewa idonsa ne ya bi shafin, hankalinsa yana wani wuri. Sai ya sake karanta fasalin sau ɗaya. In har yanzu bai fito ba, ya sa alamar tambaya a gefe da fensir, ya wuce.

Layi na ukun nan shi ne kuma wurin musu. Inda marubucin ya danganta halayen baƙar fata da zafin ƙasarsu, mai karatu a Kano ko Damagaram ba dole ne ya gyaɗa kai ba. Ya rubuta cewa bai yarda ba, ya faɗi dalili. Mutum ba ya mance fasalin da ya yi gardama da shi.

A bayan littafin rubutun kuma a ware shafi biyu don kalmomin da ke ta dawowa. Ba su da yawa, amma su ne ginshiƙin ginin: umran, badawa, hadara, mulk, da uwarsu duka, asabiyya. Wannan ta ƙarshe tana yaudarar Bahaushe. Wanda ya san ta daga wa'azi zai ce ƙabilanci, abin ƙi. A babi na biyu zai tarar Ibn Khaldun yana nufin ƙarfin haɗin kan da ke sa jama'a su tsaya wa juna har mutuwa, kuma ba jini kaɗai ke kawo shi ba, har da ƙawance da jiɓinta. A babi na uku zai ga addini yana ninka wannan ƙarfi, jin daɗin birni kuma yana cinye shi. Saboda haka kada a rubuta wa kalmar fassara ɗaya a rufe. A bar fili a ƙarƙashinta, duk inda ta sauya launi a ƙara layi tare da lambar shafi. Haka kalmar Larabawa: a wurare da dama makiyayan sahara yake nufi, ba duk mai jin Larabci ba, kuma wanda bai lura da wannan ba zai yi wa wasu fasulan mummunar fahimta.

Rana ta bakwai ba ta sabon karatu ba ce, ta bita ce. Minti ashirin, a karanta rubutun mako, a taƙaita shi a sakin layi guda. Amfanin wannan yana fitowa ne a babi na uku, mai fasali sama da hamsin, inda ake shafe makonni ana bin halifanci da muƙaman fada da haraji da yaƙi. A can ne marubucin ya ce daula tana da shekaru irin na mutum: zuriya uku, kowace shekara 40, jimla 120. Ta farko ta sha wuya ta kafa, ta biyu ta shiga daɗi amma tana tuna wuyar, ta uku ta mance sam. A can ne kuma ya nuna cewa a farkon daula haraji kaɗan ne amma baitulmali cike, a ƙarshenta haraji ya yi nauyi amma abin da ke shigowa ya ragu. Wanda bai riƙe babi na biyu ba zai ɗauki waɗannan a matsayin maganganun hikima da aka watsa nan da can. Wanda yake da taƙaitawar makonnin baya zai ga hujja ɗaya ce ake ta miƙawa, daga tantin makiyayi har zuwa fadar da ta ruɓe.

Akwai alamomi biyu da ke nuna tsarin ya fara karkacewa. Idan kwana uku a jere rubutun ya fi layi biyar, an koma kwafa, sai a taƙaita. Idan kuma kwana uku a jere ba a buɗe littafin ba, mudun ne ya yi girma, sai a mayar da shi shafi biyu na mako guda, ko da lissafin zai ja zuwa wata bakwai.

Babi na huɗu da na biyar, kan birane da sana'o'i, suna tafiya sumul ga wanda ya tsallake na uku. Na shida yana da nasa tudun, musamman inda aka shiga ilimin haruffa da za'iraja, wata da'ira ta haruffa da lambobi da ake neman amsar tambaya da ita. Wannan ma alamar fensir ce maganinsa, a wuce. A mako na 28 malamin namu zai tarar da littafin rubutu mai taƙaitawar fasulan Muƙaddima da bakinsa, da shafi biyu na kalmomi, da jerin alamomin tambaya. Waɗannan alamomi su ne manhajar zagaye na biyu, kuma wannan karon da labarin ƙasar da ya tsallake zai fara.