Ba kowane "run" ne gudu ba: yadda ake zaɓen kalmar da ta dace a fassara

Duk ɗalibin da ya yi firamare ya san cewa kalmar Ingilishi "run" na nufin gudu. Wannan sanin ne kuma yake yawan kai masu fassara ga kuskure, domin a takardun ofis da labaran jarida da wasiƙun banki, da wuya a ci karo da ita tana nufin gudun ƙafa. Ma'anar da aka fara koya ita ce take fara zuwa zuciya, kuma ita ƙamus yake sakawa a farkon jeri. Mai gaggawa sai ya ɗauke ta ya wuce.

Kalma irin wannan ba ta da ma'ana tsayayya sai an ga maƙwabtanta. Saboda haka abin da gogaggen mai fassara yake fara tambaya shi ne: wane ne ko mene ne yake aikata abin, kuma a kan me? Idan ɗan kasuwa ne da shagonsa, to yana gudanar da shi ne ko yana tafiyar da shi. A nan harsunan biyu sun yi kusa, domin "gudanar" 'yar gida ɗaya ce da "gudu" da "gudana". Idan yarjejeniyar haya ce da shekara biyu a gabanta, to za ta yi aiki ne na tsawon shekara biyu. Idan janareta ne, yana aiki ne ko yana kunne. Idan kuwa ɗan siyasa ne da kujera, sai harsunan su raba hanya sarai: Bature yana gudu ne zuwa ga muƙami, Bahaushe kuwa tsayawa yake yi. Shi ya sa ake cewa wane ya tsaya takara, wanda ya ɗauka ya rufa masa baya kuma abokin takararsa ne.

Waɗannan masu sauƙi ne, domin ko an yi kuskure, kunne zai ji jimlar ta yi banbaraƙwai, a gyara. Kuskuren da ya fi haɗari shi ne wanda yake fitowa da Hausa mai daɗin ji amma da ma'anar da ba ita ba ce. Harkar zaɓe ta ishe mu misali.

A Ingilishi akwai "run-off" da "rerun", dukkansu daga saiwa ɗaya, akwai kuma "supplementary election" da ake yawan cakuɗa su da ita. A bakin jama'a, har ma a wasu kafafen yaɗa labarai, duka ukun kan zama "zagaye na biyu". Alhali na farkon ne kaɗai ya cancanci wannan suna. Zagaye na biyu yana zuwa ne idan an kammala zaɓe amma babu wanda ya cika sharaɗin da doka ta gindaya. A zaɓen shugaban ƙasa a Nijeriya, Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce bayan rinjayen ƙuri'u, sai ɗan takara ya samu aƙalla kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na jihohi. Idan hakan bai samu ba, sai a fitar da mutum biyu kacal su sake karawa a faɗin ƙasa, a fara ƙidaya daga farko. Tun daga 1999 ba a taɓa kai wa ga haka ba a zaɓen shugaban Nijeriya. A Jamhuriyar Nijar kuwa an saba da shi: karawar Mohamed Bazoum da Mahamane Ousmane a ranar 21 ga Fabrairun 2021 zagaye na biyu ce ta ainihi.

Abin da ya faru a Kano a 2019 daban ne. An yi zaɓen gwamna a ranar 9 ga Maris, hukumar zaɓe ta ce bai kammalu ba, domin tazarar da ke tsakanin manyan 'yan takara biyu ba ta kai yawan masu rajista a rumfunan da aka soke ba. Daga nan ne kalmar "inkonkulusib" ta samu gindin zama a bakin Kanawa. A ranar 23 ga Maris aka koma waɗannan rumfuna kaɗai, ba a cire sunan kowa daga takardar ƙuri'a ba, aka kuma haɗa abin da aka samu da ƙuri'un farko. Wannan ƙarashen zaɓe ne. Mai karatun da aka gaya wa "zagaye na biyu" yana iya ɗauka cewa an zubar da ƙuri'un baya, ko kuma kowa zai sake fita layi, kuma duka biyun ba haka ba ne. Shi kuwa "rerun" sake zaɓe ne bayan an soke na farko, galibi bisa umarnin kotu, kamar yadda aka yi a zaɓen gwamnan Sakkwato a 2008. Kada kuma a ruɗa ko ɗaya daga cikinsu da zaɓen cike gurbi, wanda ake yi idan mai kujera ya rasu ko ya sauka.

Tambayoyi uku ne suke raba gardama a nan: su wa suka rage a takara, a ina za a kaɗa ƙuri'a, kuma me ya sami ƙuri'un baya? Duk wanda bai iya amsa su ba bai isa zaɓen kalmar Hausa ba tukuna, ko da ƙamus nawa ne a gabansa. Ƙamusun Ingilishi zuwa Hausa na Roxana Ma Newman, wanda ya fito a 1990, yana rarrabe ma'anonin kalma tare da misalai, amma ba aikinsa ba ne ya san wace daga cikinsu marubucin sanarwar yau yake nufi.

Wani lokaci ma Hausa ba ta da kalma guda da za ta zauna a gurbin, sai an warware. "Run on a bank" na nufin masu ajiya sun yi tururuwar kwashe kuɗinsu a lokaci guda saboda fargabar bankin zai durƙushe. Jimlar ta yi tsawo, amma babu makawa. Wanda ya taƙaita ta zuwa "an far wa banki" ya kira 'yan fashi cikin labarin da babu su, kuma ɗan kasuwar da ya karanta zai yanke shawara a kan abin da bai faru ba.

Ita ma "light" haka take, har ta ƙara da wani abu: Ingilishin Nijeriya ya ba ta ma'anar da Bature bai cika amfani da ita ba. Idan ma'aikaci ya rubuta cewa babu ita a ofis tun safe, wutar lantarki yake nufi, ba haske ba. Idan aka jingina ta ga ruwan sama, yayyafi ne. Ga hukuncin kotu, mai sassauci ne. Ga makamai, ƙanana ne. Koriyar fitilar da ake cewa minista ya bai wa wani aiki kuwa izini ne ko amincewa. Akwai kuma inda ya kamata a bar ta yadda take. "Bonny Light" sunan nau'in ɗanyen man Nijeriya ne a kasuwar duniya, kuma kalmar a nan tana nuni ne ga rashin kauri da nauyi, abin da ya sa man yake da sauƙin tacewa kuma yake daraja. Suna ne, don haka a rubuta shi yadda 'yan kasuwar mai suka san shi, sannan a bi shi da bayani cewa ɗanyen mai ne mara nauyi da ake lodinsa a tashar Bonny ta Jihar Ribas.