Sakamakon Gwaji Ba Lamba, Ba Ma'auni: Likita Ya Ce Me?

A Birnin Zazzau, daga Ƙofar Gayan har Ƙofar Doka, da yawan masu jinya ba sa ɗaukar takardar gwaji su kai wa likita. Saƙon murya suke tura wa ɗan'uwa ma'aikacin lafiya: "Yaya, an auna Baba, an ce sugansa ya hau, me za mu ba shi?" Lamba ba ta zo ba, ma'auni bai zo ba, balle iyakokin da ɗakin gwajin ya ce su ne daidai.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Asibitin koyarwa na Shika yana da nisa ga mutumin cikin birni, ga kuɗin mota, ga layi. Dattijon da bai yi boko ba kuwa abin da aka faɗa masa da baki yake riƙewa. Wasu masu awon ma sukan rubuta lamba a guntuwar takarda su sallami mutum, alhali ƙa'idar ɗakunan gwaji ta duniya, ISO 15189, ta ce rahoto ya zo da ma'auni da iyakokinsa.

Ko lambar ta zo, ba ta isa ita kaɗai. A ce an turo cewa sugan Baba 25 ne. Sukarin jini iri biyu ake auna shi: mmol/L da mg/dL, kuma in an ninka na farko sau 18 ake samun na biyu. In 25 ɗin mmol/L ne, ya kai 450 mg/dL, hawa mai tsanani da ke buƙatar asibiti a ranar. In kuma mg/dL ne, sukarin ya faɗi ƙasa warwas, mutum na dab da suma, abin zaƙi yake nema nan take. Wanda ya ƙara wa wannan maganin rage suga zai iya rasa shi. Saboda haka likitan da ya ƙi amsawa sai ya ga takarda ba girman kai yake yi ba, kuma a ganina shi ne mai gaskiya.

Sai kuma lokacin awon. 9 mmol/L kafin karin kumallo ya wuce 7.0 da ake zargin ciwon suga da shi, amma bayan an ci tuwo bai kai 11.1 ba.

Iyakoki ma suna sauyawa da mai jikin. Awon jini na 11.5 g/dL ƙarancin jini ne ga namiji, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa 13, amma ga mai ciki a watanninta na ƙarshe ya haura 11 da aka sa mata.

Don haka in za a nemi shawarar likita, a ɗauki hoton takardar gaba ɗaya, da kwanan wata da sunan gwajin, a faɗi shekarun majinyaci, da ko ya ci abinci, da magungunan da yake sha. In takardar ba ta da ma'auni, a koma wurin mai awon ya rubuta kafin a bar wajen.