Takardarka Tana Teburin Wa?

Mai ɗaukar hoto ko mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki da ya saba da ɗaiɗaikun mutane yakan sha mamaki ranar da ya fara yi wa kamfani aiki. Manajan da ya kira shi ya yaba aikin, amma wata biyu shiru. Dalili shi ne wanda ya ba da aiki ba shi ke biya ba. Kuɗi daga ofishin akanta suke fita, shi kuwa akanta takarda kawai ya sani.

A ce mai hoto a Kano ya yi jinga da kamfani a kan naira 400,000, ya karɓi 200,000 kafin alƙalami. Takardar neman biyan da zai miƙa sai ta ɗauki lambarta, da cikakken sunan kamfanin kamar yadda yake a rajista, da bayanin aikin, da jimilla, da abin da aka bayar, da cikon 200,000. In an ba shi LPO, wato takardar odar aiki, ya sa lambarta, domin da ita akanta zai gane wanda ya amince da kashe kuɗin. Ya sa lambar harajinsa ta TIN. Sunan asusun banki kuma ya zo daidai da sunan da ke saman takardar. Kamfani ba ya son tura kuɗi asusun ƙanen wani.

Wa'adi ne aka fi sakaci da shi. “Da zarar an samu hali” ba wa'adi ba ne. In an yi da kwana 30, takarda ta shiga ranar 3 ga Maris, a rubuta 2 ga Afrilu ƙarara. Ya kuma sa a buga masa hatimin karɓa a kwafinsa, don kada gobe a ce ba a gan ta ba.

Ranar ta wuce, to kada kunya ta hana tuni, kada kuma fushi ya rubuta saƙon. Ni a ganina tambaya ta fi roƙo amfani: “Ranka ya daɗe, barka da aiki. Ina tuni ne kan takarda mai lamba 014, cikon naira 200,000, wadda wa'adinta ya cika 2 ga Afrilu. Ko akwai abin da ya rage daga wajena? Wace rana zan sa rai?” Irin wannan saƙon ne ke tono inda ta maƙale, sau da yawa sa hannun mutum ɗaya take jira. Bayan mako a kira akanta a waya, sannan a rubuta masa abin da aka tsayar. In alkawari ya sake tashi, sai wasiƙa mai ranar ƙarshe, a kuma dakata da sabon aiki.

Idan 180,000 suka shigo, kada ya yi saurin cewa an cuce shi. Mai yiwuwa harajin da ake cirewa tun daga tushe ne, in an lissafa shi a kan kashi 5 cikin ɗari na 400,000. Ya nemi shaidar an zuba kuɗin da lambarsa ta TIN, domin da ita za a rage masa harajin shekara.