Gurbi Ɗaya, Takarda Sittin: Yadda Mai Kanti Zai Tace Masu Neman Aiki

A ce kana da kantin kayan masarufi a titin gidan Zoo cikin Kano, ka sanar kana neman yaron shago guda. Kafin mako ya zagayo takarda sittin ta taru, wasu a hannu, wasu ta waya, ga shi ba ka da lokacin dubawa sai bayan isha'i. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar ta farko a fara karantawa daga sama har ƙasa. Kafin a kai ta goma ido ya gaji, sai a zaɓi wadda ta fi kyawun bugu. Alhali yawancin takardun nan a shagon buga takardu aka tsara su, salo ɗaya, kowa "mai gaskiya da ƙwazo". Kyawun takarda aikin mai injin ne.

Kafin ka taɓa ko guda, rubuta sharuɗɗa uku waɗanda in babu su aikin ba zai yiwu ba: inda mutum yake zaune, lokacin da yake da shi, da iya lissafi da rubuta ciniki a littafi. Kada su wuce uku, don da yawansu za ka kori kowa.

Sharaɗin mazauni shi ne wanda aka fi rainawa, kuma shi ya fi kashe aiki. A ce albashin naira dubu hamsin ne. Wanda zai riƙa kashe dubu ɗaya kullum a adaidaita sahu, a kwana 26 ya kashe dubu 26, fiye da rabin abin da ya samu. Komai kirkinsa, ko dai ya fara makara ko ya ajiye aikin bayan wata biyu. Haka ɗalibin da ke da lacca da safe, ko wanda ke jiran kiran bautar ƙasa, wadda ke cin shekara guda.

Zagayen farko rabin minti ya ishi kowace takarda, wato rabin awa ga duka sittin. Sharuɗɗan nan kaɗai za ka duba, ka kasa kashi uku: wanda ya cika, wanda bai cika ba, da wanda takardarsa ba ta bayyana ba. Kashi na uku kada a zubar; mutum na iya manta rubuta unguwarsu kawai.

A ce goma sha biyar suka rage. Ba kowace minti biyu, kana neman aikin da mutum ya taɓa yi da hannunsa. Wanda ya rubuta cewa ya yi shekara biyu yana tsaron shagon caji da cire kuɗi, ko yana taya kawunsa a Kantin Kwari, ya fi maka mai digirin da bai taɓa ba da canji ba. Duba kwanan wata ma. Wurin aiki huɗu cikin shekara guda abin tambaya ne, amma giɓin shekara ba laifi ba ne, don ana jinya, ana noma, ana haihuwa. Sunan gari, ƙabila ko hoto kuwa ba sa nuna riƙon amana, kuma tacewa da su zalunci ne.

Daga nan kira mutum shida a waya, minti biyar-biyar. Faɗi albashi da lokacin buɗewa da rufewa tun farko, wanda bai yi masa ba ya janye ba tare da ya ɓata kuɗin mota ba. Sai ka yi wa kowa tambaya iri ɗaya. Mai saye ya ɗauki sukari uku a kan 1,750 kowanne, da sabulu na 850, ya miƙa 10,000, nawa ne canjinsa? Amsa 3,900. Sannan, mutum ya nuna maka a wayarsa cewa ya tura kuɗi, amma ba su shigo ba, yaya za ka yi? Wanda ya ce kaya ba za su fita ba sai kuɗi sun bayyana a asusun shago, ya san kasuwa.

Uku da suka fi, gayyato su gwajin yini ɗaya-ɗaya, ka biya su ladan yinin. Wanda ka zaɓa ya kawo lambar shaidar zama ɗan ƙasa da wanda zai tsaya masa, kuma ka je ka ga mutumin ido da ido, ka kira tsohon ubangidansa ka ji ko zai sake ɗaukarsa. Ainihin takardun makarantarsa kuwa duba su za ka yi ka mayar masa, kwafi ya ishe ka.

Sauran 59 suna jiran amsa. Tura musu saƙo ko layi ɗaya ne cewa an cike gurbin, ka adana takardun biyun da suka biyo baya saboda gaba. Ragowar a mayar wa masu su ko a ƙona, a goge na waya, domin suna ɗauke da lambobi da adireshin 'ya'yan mutane.