Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli: inda ribar take da inda take zubewa

Iyayenmu mata da 'yan uwa, da yawa daga cikinmu da sana'ar ƙuli muka taso tun a gida, kuma yanzu da kaka ta yi, gyaɗa ta fara shigowa kasuwannin Figil da Gidar, wasu sun sake ɗora kasko. Koken da muke ji a wurin taron mata iri ɗaya ne: an wuni ana aiki, an sayar, amma kuɗin sayen gyaɗar gobe bai cika ba. Idan aka bi diddigi, yawancin asarar daga ruwa take fitowa. Akwai danshi a jikin gyaɗar da aka sayo, akwai ruwan da ake zubawa wajen fitar da mai, akwai kuma wanda yake saura a cikin mai da ƙuli bayan an gama. Za mu bi aikin daga kasuwa har zuwa lissafi, da misalin kilo 10 na ɓararriyar gyaɗa.

Sayen gyaɗa da tsinta

Sabuwar gyaɗa tana da araha, amma sau da yawa ba ta gama bushewa ba. Wadda ta sayi mai danshi ta biya kuɗin ruwa a farashin gyaɗa, kuma manta ba zai fita sosai ba. Kafin ki biya, ɗauki ƙwaya biyu ko uku daga tsakiyar buhu ki ciza. Busasshiya tana karyewa da ƙara, jar fatarta kuma tana saɓulewa idan kin murza. Mai danshi tana lanƙwasa a haƙori. Idan ita kaɗai kika samu, shanya ta a kan tabarma ko buhu kwana biyu ko uku, kada ki zuba ta a ƙasa.

Daga nan sai tsinta, wadda ba a yin ta a tsaitsaye. A cire duk ƙwayar da ta yamutse, ko ta yi baƙi, ko ƙwaro ya huda, ko take da fumfuna mai launin kore ko ɗorawa. Wannan fumfunar tana haifar da gubar da ma'aikatan lafiya suke kira afulatoksin, wadda take lalata hanta a hankali, take kuma tauye girman yara. Suya ba ta kashe ta, kuma mafi yawanta a cikin tunkuza take zama, wato a cikin ƙulin da yaranmu da yaran maƙwabta suke ci. Abin da aka tsince a binne shi ko a ƙone. Kada a ba akuyar da ake tatsa, domin gubar tana bin nono.

Suya da niƙa

Ana soya gyaɗar a kasko ko rabin ganga, a wuta matsakaiciya, ana juyawa ba tsayawa. Wasu suna haɗawa da yashi mai tsabta don zafin ya ratsa daidai. Ba da jar fatar ake gane ta soyu ba. Murza ƙwaya ɗaya ki raba ta biyu: idan cikinta ya koma ruwan zuma mai haske har tsakiya, ta yi. Idan tsakiyar fari ne, da sauran danshi, kuma za ki sha wuya kafin mai ya fito. Idan ta yi duhu, man zai yi ɗaci, ƙulin kuma ya ƙone tun kafin ya bushe a suya ta biyu.

Bayan ta huce sai a murje a sheƙe da faifai, a sake tsinta, domin wasu ɓatattun sai an cire fata suke bayyana. A nan kilo 10 yakan koma wajen kilo 9. A wurin mai inji, ki nemi niƙa mai laushi har ta zama kamar kunu mai kauri, ko da za a maimaita sau biyu. Duk tsakin da ya rage a ciki mai ne da ba zai fito ba. Ki duba kuma kada a zuba miki bayan an markaɗa barkono ko jiƙaƙƙiyar masara ba a goge injin ba.

Fitar da mai

Nan ne ake samu ko a rasa. Niƙaƙƙiyar gyaɗa tana dawowa daga inji da ɗumi, kuma da ɗuminta ya kamata a fara, don in ta yi sanyi man yana nauyi. Kafin ki fara, ɗebi kamar kashi ɗaya cikin huɗu ki ajiye gefe. Sauran ki juye a turmi ko babbar roba, ki zuba ruwan zafi ludayi ɗaya, ki tuƙa da taɓarya ko muciya har ruwan ya ɓace, sannan ki ƙara wani.

Aikin ruwan shi ne ya haɗe garin gyaɗar wuri ɗaya, ya saki man da yake riƙe da shi. Shi ya sa za ki ga kwaɓin yana ƙara tauri, launinsa yana ƙara duhu, sai ya fara ƙyalli, sannan mai ya fara taruwa a gefe. Da zarar kin ga haka, daina zuba ruwa, ci gaba da tuƙi kawai. Idan aka yi gaggawa aka kwara ruwa da yawa, kwaɓin zai yi fari-fari ya saki jiki, man ya koma ciki. Maganinsa shi ne wancan kason da kika ajiye: zuba shi ki ci gaba da tuƙi har taurin ya dawo. In ba a samu matsala ba, sai ki haɗa shi daga ƙarshe da ɗan ruwansa.

Sai a kwashe man da ya taru, a ɗebi tunkuzar a matse a kan dutse ko katako mai gangara, man yana bi zuwa kwano. Daga kilo 9 ana iya samun wajen lita 2 da rabi a wannan mataki.

Wannan man bai isa sayarwa ba tukuna, domin da ruwa a jikinsa. A ɗora shi a wuta kaɗan har kumfa ta kwanta, ƙarar tafasa ta tsaya. A bar shi ya kwana, gari ya zauna a ƙasa, a tsiyaye ta ƙyalle mai tsabta. Man da bai rabu da ruwa ba yana yin gajimare a kwalba, yana tartsatsi a kasko, kuma cikin 'yan makonni warinsa yake canjawa. Kwalba ta bushe sarai kafin a zuba, a rufe, a kawar da ita daga rana. Wannan yanki na noman auduga ne, jarkokin maganin feshi suna yawo a hannun mutane. Ko an wanke su sau goma, kada a zuba musu abin ci. Haka ma jarkar fetur.

Suyar ƙuli

A sa wa tunkuzar gishiri, da yaji ko sukari gwargwadon masu sayenki, a mulmula. Kaurin ya zama ɗaya, kuma kada ya wuce yatsa, don mai kauri yana ƙonewa a waje cikinsa da danshi. A soya da ɗan man da aka fitar, a wuta marar ƙarfi. Za ki lura man kaskon yana ƙaruwa, domin tunkuzar tana sakin sauran nata. A misalinmu ana iya ƙara samun wajen rabin lita. Wannan man ya fi duhu, yana kuma da ƙanshin ƙuli, don haka a zuba shi daban. Maƙwabta suna sonsa a wake da shinkafa, mai tuyar ƙosai kuwa takan fi son na farko.

Ƙuli ya soyu idan kumfar da take kewaye shi ta ragu, kuma wanda aka fitar ya huce ya karye da ƙara. Kada a ƙulle shi a leda da ɗumi. Gumin da zai yi a ciki shi ne yake sa ya yi laushi ya yi fumfuna a hannun ɗan kasuwa, ya dawo miki da shi.

Lissafin kilo 10

Farashin da ke ƙasa misali ne kawai, kowace ta sa na kasuwarta a ranar da ta saya. A ce kilo sefa 600 ne, gyaɗa ta ci 6,000. Niƙa 500, itace 500, gishiri da leda da kuɗin babur 300. Jimilla 7,300. An samu mai lita 3, a 1,500 kowace lita, 4,500 ke nan. An samu ƙuli kilo 5 da rabi, a 800 kowane kilo, 4,400. Abin da ya shigo 8,900, riba 1,600, kuma ba a sa ladan wunin da aka yi ba.

Man kaɗai bai mayar da kuɗin gyaɗa ba, don haka duk ƙulin da aka ci a gida ko aka yi kyauta da shi daga riba ya fita. Idan rabin lita ya maƙale a tunkuza saboda yawan ruwa ko niƙa mai tsaki, an rasa 750, kusan rabin ribar. Idan kuma damina ta kama, gyaɗa ta kai 750 a kilo, kuɗin da aka kashe ya ƙaru da 1,500, ribar ta koma 100. Ƙara wa mai kuɗi yana da iyaka, domin mai saye yana gwada shi da man auduga na Diyamawor da kamfanin Sodekoton yake yi a Garwa da Marwa. Shi ya sa mai hali take sayen busasshiyar gyaɗa da kaka, ta ajiye buhun a kan katako nesa da bango.

Sayarwa

Maƙwabta suna saye kaɗan-kaɗan da kuɗi a hannu, kuma a nan farashi ya fi kyau. 'Yan kasuwa da masu tsire, waɗanda suke daka ƙuli su yi yaji, suna ɗauka da yawa amma suna neman ragi da bashi. Kada ki ba da bashin da ya wuce ribarki, don kuɗin gyaɗar gobe ya tsira. A yi ciniki a gaban shaida, a auna da mudu ɗaya ko sikeli ɗaya kullum.

Fulatanci ne yaren kasuwa a nan. Gyaɗa ita ce biriiji, mai shi ne nebbam, ƙuli kuma abaakuru. Wasu 'yan kasuwa da dala suke ƙirga, dala ɗaya sefa 5, wato dala ashirin sefa 100 ce, jaka kuma 1,000. Ki tabbatar da wanne ake nufi kafin ki miƙa kaya.

Daga ofishin kariya muna ƙara tunatarwa: mai fita da kaya zuwa Gidar, ko kasuwar Lahadi ta Pitowa, ko Garwa, ta riƙe katinta na gudun hijira a jikinta. Kada a ɗora wa yara talla a lokacin makaranta ko bayan magariba, musamman a bakin babban titin Garwa zuwa Marwa da manyan motoci suke tsayawa. A yi suya a waje, nesa da zana, yara kuma su yi nisa da kaskon mai. Wadda aka karɓe wa kaya ko aka hana ta kuɗinta ta zo ofis, akwai mai fassara Hausa.